Na karanta sau biyar amma na kasa rubutawa: a maimaita karatu ne ko a rufe littafi a gwada kai?

Ɗalibar Jinya:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da iyayen da ke cikin wannan zaure a kan wani abu da ya tsaya mini a rai. Ina shekarar farko a makarantar koyon aikin jinya, kuma makon jiya aka yi mana gwaji a kan zuciya da yadda jini yake zagayawa. Rubutun da na yi a aji shafi shida ne, na karanta shi sau biyar a cikin kwana uku, na ja layi a ƙarƙashin duk abin da na ga muhimmi ne. A karatu na huɗu da na biyar har gundura ta fara kama ni, domin duk jimlar da idona ya sauka a kanta sai in ji na riga na san ta. Da aka raba takarda, tambayar farko ita ce a bayyana hanyar da jini yake bi tun daga shigarsa zuciya har fitarsa zuwa sauran jiki. Ina ganin shafin a raina, har na tuna cewa zanen yana gefen dama da jan biro, amma na kasa jero matakan. Maki 9 na samu daga cikin 20.

Abokiyar zamana sau biyu kawai ta karanta, sauran lokacin tana rufe littafi tana rubuta abin da ta tuna a kan takarda, kuma ta sami 16. Na gwada irin nata, amma minti goma kawai na yi na gaji, na ji kamar ban taɓa shiga ajin ba. Shin hanyar tata ce ta fi, ko kuwa Allah ne ya ba ta kaifin ƙwaƙwalwa? Idan kuma hanyar ce, me ya sa take sa mutum ya ji bai san komai ba?

Baban Ilham:
Wa alaikumus salam, 'yata. A ganina firgita ce ta same ki a ɗakin jarrabawa, kuma wannan yana faruwa ga kowa. Mu a zamaninmu da maimaita karatu muka ci jarrabawa. Mutum zai zauna da fitilar ƙwai daren jarrabawa ya bi littafi daga farko zuwa ƙarshe sau uku ko huɗu, da safe ya shiga ya rubuta ya ci. Sau biyar bai yi yawa ba ga darasi mai sunaye barkatai irin naku. Ki mayar da shi sau goma, ki yi addu'a, ki kwantar da hankalinki kafin ki fara rubutu.

Malam Mai Alli:
Yaya Baban Ilham, akwai gaskiya a maganarka, amma gaskiyar tana da iyaka, kuma an taɓa auna iyakar. Ni malami ne a sashen koyar da malamai, kuma wannan tambaya ina shan ta daga ɗalibaina kowace shekara, saboda haka ku yi mini haƙuri in ɗan tsawaita.

A shekarar 2006 wasu masana biyu a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai gajeren rubutu su koya, suka raba su rukuni-rukuni. Rukuni ɗaya an ba su zama huɗu na karatu, suna ta maimaita rubutun, har suka karanta shi kusan sau 14. Wani rukunin zama ɗaya kawai aka ba su na karatu, wanda a cikinsa suka karanta shi sau uku da ɗoriya, sannan aka karɓe rubutun, a sauran zama ukun aka ba su farar takarda aka ce su rubuta duk abin da suka tuna. Da aka gwada wasu daga cikinsu bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba, sun tuna kashi 83 cikin ɗari, masu rubutawa da ka kuwa kashi 71. Wannan shi ne karatun daren jarrabawa da kake magana a kai, kuma lallai yana aiki idan jarrabawar tana bakin ƙofa. Amma waɗanda aka gwada bayan mako guda, al'amarin ya juye: masu maimaita karatu sun faɗo zuwa kashi 40, masu rubutawa da ka suna riƙe da kashi 61.

Abin da ya fi shafar ƙanwarmu shi ne wani ɓangare na binciken da ba a cika ambatonsa ba. An tambayi ɗaliban yadda suke jin za su tuna bayan mako guda, kuma waɗanda suka karanta sau 14 ɗin su ne suka fi kowa tabbacin za su tuna. Wato hanyar da ta fi ba su natsuwa ita ce ta fi cutar da su.

Ƙanwata, gundurar da kika ji a karatu na huɗu ita ce alamar. Gane abu idan an gan shi daban ne da iya kawo shi babu shi a gaba. Ki ɗauki wanda kullum ake goya shi a bayan babur zuwa wani gida a cikin lungunan birni. Kowace kwana aka sha zai ji ya san ta, ya san masallacin, ya san mai shayin da ke bakin hanya. Ranar da aka ce ya je shi kaɗai, a mararraba ta biyu zai tsaya, domin bai taɓa zaɓar hanya da kansa ba, kullum hanyar ce take zuwa masa. Ke ma sau biyar aka goya ki. Kowane mataki na zagayen jini kin gan shi ne bayan shafin ya riga ya nuna miki shi, ba ki taɓa tsayawa a ɗakin ƙasa na dama na zuciya kin tambayi kanki ina jini zai nufa daga nan ba. Ranar gwaji ce rana ta farko da aka bar ki ke kaɗai a kan hanyar.

Baban Ilham:
To Malam, na ji alƙaluman. Amma idan yarinya ta rufe littafi ta kasa tuna komai, me ta ƙaru da shi? A ganina ɓata minti goma ta yi tana kallon farar takarda, alhali da ta karanta da ta ƙara wani abu.

Malam Mai Alli:
Idan babu abin da ta tuna ko kaɗan, kuma ba ta buɗe ta duba ba, to da gaskiyarka, ba ta ƙaru da komai ba. Amma da wuya ya zama babu komai. Yawanci mutum zai kawo rabi, ya yi ta laluben kashi ɗaya cikin huɗu har ya same shi da ƙyar, sauran kuma ya ɓace masa. Wanda ya samo da ƙyar ɗin nan shi ne ya fi amfana. Robert Bjork da Elizabeth Bjork, masana ne a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, sun bambanta abu biyu a game da kowane ilimi da ke kanmu: yadda ya kafu, da kuma yadda yake kusa da baki a wannan lokacin. Abin da ka karanta minti biyu da suka wuce yana kusa da baki ƙwarai, amma wataƙila bai kafu ba. Sunan malaminka na aji uku ya kafu, amma zai iya ɗaukar ka ɗan lokaci kafin ya zo. Ra'ayinsu shi ne cewa gwargwadon nisan da abu ya yi da baki a lokacin da ka janyo shi, gwargwadon yadda janyowar take ƙara kafa shi. Maimaita karatu yana sa komai ya kasance a bakin ƙofa, saboda haka babu abin da za a janyo, babu wahala, kuma kafuwar da ake samu kaɗan ce. Robert Bjork ya kira irin wannan wahalar da wahala abar so tun a 1994.

Akwai dalili na biyu da ya sa hanyar take da ɗaci, wanda ba na ƙwaƙwalwa ba ne, na zuciya ne. Farar takarda tana nuna maka gibin da ke cikin saninka, littafi a buɗe kuwa yana rufe shi. Gibin yana nan a hali biyun. Jin da ƙanwarmu ta yi cewa ba ta san komai ba, labari ne na gaskiya da ya zo mata a ɗakin kwana maimakon ya jira ta a ɗakin jarrabawa.

Alaramma:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni ban yi karatun boko mai zurfi ba, amma abin da Malam yake faɗa shi muke gani a tsangaya tun muna yara. Almajiri zai rubuta allonsa, a gyara masa, ya zauna yana karantawa yana kallo har harshensa ya saba. Idan ka tambaye shi zai ce ya haddace. To sai ka ce ya kifa allon ya biya maka. A nan ne ake sanin gaskiya, domin wani aya uku zai yi ya cije. Kuma idan ya cije, ni ba na gaggawar buɗa masa. Ina barinsa ya koma farkon ayar ya sake tahowa, sau ɗaya ko sau biyu, idan ya gagara sannan in ba shi kalma ɗaya. Na lura cewa wurin da yaro ya sha wuya ya fito da kansa, da wuya ya sake cijewa a wurin, amma wurin da aka yi ta ɗora masa, gobe ma a nan zai tsaya.

Har a cikin manya haka ne. Mahaddacin da ya saba yin tilawa yana kallon mushafi, duk shekara yana sauka, zai ɗauka haddarsa tana nan daram, sai ranar da aka tura shi gaba a tarawihi ya ga ayoyi masu kama da juna suna shigar masa cikin juna. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da bibiyar Alƙur'ani, ya ce ya fi raƙuma a cikin dabaibayinsu saurin kuɓucewa.

Sai dai ina so in ja hankalin 'yata a kan abu ɗaya. Ba ma cewa yaro ya kifa allo tun bai iya karanta shi daidai ba. Idan ya haddace kuskure, cire shi ya fi sabuwar hadda wuya.

Malam Mai Alli:
Allah ya gafarta Malam, ka faɗi sharuɗɗa biyu da ni ma da su zan biyo baya: a fara fahimta kafin a rufe, kuma a sami mai gyara bayan an biya. Tun a 1917 wani mai suna Arthur Gates a Jami'ar Kolombiya ya gwada yaran makaranta a kan yadda ya kamata a raba lokaci tsakanin kallo da biyawa da ka, ya ga waɗanda suka ba biyawa fiye da rabin lokacinsu sun fi riƙewa. Bai ce a daina kallo ba. Bambancin da ke tsakanin aikinku da na ƙanwarmu shi ne ku lafazi kuke kiyayewa harafi da harafi, ita kuwa ma'ana da dalili ake nema a wurinta, saboda haka ba jimlolin littafi za ta biya ba, bayani za ta yi da nata kalmomin.

Maman Walida:
Ni dai gaskiya ban goyi bayan yawan gwajin nan ba. A makarantar da 'yata take, kusan kowace Juma'a sai an yi musu gwaji, ana rubuta maki a allo kowa yana gani. Yarinyar tana aji huɗu na firamare, amma tun daren Alhamis take fara ciwon ciki. Idan masana ne suka ce a yi ta gwada yara haka, to ya kamata su zo su ga halin da yaran suke shiga.

Injiniya:
Hajiya, ina jin ba wannan ake magana a kai ba. Ana maganar ɗalibi ne ya gwada kansa a ɗakinsa, babu maki, babu mai kallo.

Malam Mai Alli:
Haka ne, Hajiya. Amfanin yana cikin janyo abu daga ka, ba a cikin maki ko tsoro ba. Kina iya yi wa Walida a gida ba tare da ta san gwaji ne ba: bayan cin abincin dare ki ce ta ba ki labarin abin da aka koya musu yau, jaka a rufe, in ta gama ku buɗe littafin tare ku ga abin da ta tsallake. Rubuta makin yara a allo don kowa ya gani wani al'amari ne daban, kuma ni ma ba na goyon bayansa.

Injiniya:
Malam, ni ma ina da ja a wuri biyu. Na farko, ƙanena ya yi wata huɗu yana amsa tsofaffin tambayoyin JAMB, wanda ai gwada kai ne, har ya kai yana cin kusan duka a gida. Da ya shiga jarrabawar, sakamakonsa a kimiyyar sinadarai bai kai rabi ba. Na biyu, abin da kuke faɗa ya dace da sunaye da jerin matakai, amma ni da na karanta lissafi na san cewa babu yadda za a yi ka rufe littafi ka janyo hanyar warware matsalar da ba ka gane ba. Mu bin misalin da aka warware muke yi, layi bayan layi, sau da yawa.

Malam Mai Alli:
Game da ƙanenka, Injiniya, ka tambaye shi sau nawa ya bi tambayoyi iri ɗaya. Tambaya mai zaɓi huɗu idan an maimaita ta sau uku takan koma maimaita karatu da wata riga: ido yana ganin tambayar ya gane amsar, ba tare da kai ya yi aikin komai ba. Yadda za ka gane haka shi ne ka rufe zaɓin huɗun da hannu ka ce ya ba da amsa, sannan ya faɗi dalilin da ya sa sauran ukun ba daidai ba ne. Idan ya kasa, to siffar amsar ya sani, bai san darasin ba. Akwai ma wani haɗari da aka tabbatar a bincike: wanda ya zaɓi amsar kuskure kuma ba a gyara masa ba, yakan riƙe kuskuren a matsayin gaskiya daga baya. Kuma littattafan tsofaffin tambayoyi da ake sayarwa a kasuwa ba duka amsoshinsu ne daidai ba, sai an riƙa gwama su da littafin darasi.

Maganarka ta biyu kuwa ba zan ce maka an gama ta ba, domin masanan ma suna jayayya a kai. A 2015 Tamara van Gog da John Sweller sun yi rubutu suna cewa fa'idar gwada kai tana raguwa, har takan ɓace, idan darasin mai sarƙaƙiya ne wanda sassansa suke ɗaure da juna, kuma ga sabon shiga nazarin misalin da aka warware ya fi. Karpicke da wani abokin aikinsa sun mayar musu da martani a shekarar suna cewa akwai gwaje-gwaje da dama da suka nuna fa'idar har a darussa masu sarƙaƙiya. Ni abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne su bi misalin har su gane dalilin kowane layi, daga nan su rufe shi su warware shi da kansu, sannan su nemi wata matsala mai kama da shi da lambobi daban.

Injiniya:
To ai wannan na ƙarshen shi muke yi, sai dai ba mu kira shi gwada kai ba. Amma har yanzu ina ganin matakin kallon ya fi tsawo a lissafi fiye da yadda kuke nunawa. Akwai darasin da na yi mako biyu ina bin misalai kafin in iya taɓa tambaya ɗaya ni kaɗai.

Ɗalibar Jinya:
Na gode ƙwarai, iyayena da malamaina. Malam Mai Alli, za a sake yi mana gwaji a kan wannan darasin tare da na huhu nan da kwana goma sha biyu. Don Allah a aikace yaya zan yi da shafi shidan nan?

Malam Mai Alli:
Yau ki karanta shafi biyu na farko sau ɗaya, a tsanake, kina tambayar kanki dalilin kowane abu. Idan akwai inda ba ki gane ba, ki tambayi abokiyar zamanki kafin ki ci gaba. Daga nan ki rufe, ki sa littafin a inda hannunki ba zai kai ba, ki ɗauki farar takarda ki zana zuciya da ɗakunanta huɗu, ki bi jini da kibiya kina rubuta sunan kowane ɗaki da kowace ƙofa da kowace jijiya. Ki ba kanki minti goma. Idan kin cije, ki yi yadda Alaramma ya ce: ki koma baya ki sake tahowa, kada ki leƙa. In lokaci ya cika ki buɗe, ki gyara da jan biro, ki sake karanta wuraren jan biron kawai. Haka za ki yi wa sauran shafukan gobe da jibi.

Daga nan sai tazara. Ki sake zana komai da ka bayan kwana biyu, sannan bayan kwana huɗu, sannan kwana ɗaya kafin gwajin. Za ki ji kamar kin manta a farkon kowane zama, kuma hakan ake so.

Abu ɗaya da nake so ki kiyaye: kada ki daina gwada kanki a kan abin da kika samu daidai sau ɗaya. Roediger da Karpicke da na ambata sun sake wani gwaji da aka buga a 2008, inda ɗalibai suka koyi kalmomin Swahili 40 da ma'anarsu. Waɗanda aka ci gaba da tambayarsu dukkan kalmomin ko bayan sun same su daidai sun tuna kusan kashi 80 cikin ɗari bayan mako guda. Waɗanda ake cire kalma daga gwaji da zarar sun same ta sau ɗaya sun tuna kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai, har da waɗanda aka bar su suna ci gaba da karanta kalmomin. Ƙarin kallon bai ƙara musu komai ba.

Ɗalibar Jinya:
Assalamu alaikum. Na dawo in ba da bayanin yadda aka yi, yau kwana tara ke nan da fara wannan tsari. A zama na farko na iya kawo cewa jini yana dawowa daga jiki ta manyan jijiyoyi biyu zuwa ɗakin sama na dama, ya sauka ɗakin ƙasa na dama, daga nan na tsaya cik. Na yi kusan minti uku ina kallon takarda, hannuna yana son ɗauko littafin. Sai na tambayi kaina me jinin nan yake buƙata, na tuna cewa ya riga ya sauke iskar oksijin ɗinsa a jiki, saboda haka dole huhu zai nufa. Daga nan sauran ya biyo: daga huhu zuwa ɗakin sama na hagu, zuwa ɗakin ƙasa na hagu, sannan babbar jijiyar da ke kai shi ga jiki duka. Tun daga ranar ban sake tsayawa a wannan wurin ba. Har na gane da kaina dalilin da ya sa bangon ɗakin ƙasa na hagu ya fi na dama kauri, tunda shi yake tura jini har tafin ƙafa, na dama kuwa huhu kawai yake turawa, ga shi nan kusa. Wannan jimla tana cikin rubutuna, na karanta ta sau biyar a baya, amma ban taɓa haɗa ta da zagayen ba.

Amma na yi kuskuren da Alaramma ya yi gargaɗi a kai. A zama na biyu na ga zanena ya cika, na ji daɗi, sai na duba shi sama-sama ban gwama shi da littafi kalma da kalma ba. Ashe na sa ƙofa mai marfi biyu a gefen dama, mai marfi uku a hagu, alhali mai marfi uku ce a dama, mai marfi biyu a hagu. Na maimaita haka a zama na uku, kuma da tabbaci na rubuta shi. Abokiyar zamana ce ta gani. Yanzu duk lokacin da na zo wurin sai na tsaya na yi tunani, domin kuskuren ne yake fara zuwa mini.

Game da lokaci kuma, kowane zama minti ashirin da biyar ne zuwa talatin, har da gyara. A da ina yin awa biyu ina karatu ban gaji ba, yanzu rabin awa yana gajiyar da ni.

Alaramma:
Masha Allah, 'yata. Wurin da kuskure ya riga ya zauna, ki ware shi shi kaɗai ki biya shi daidai safe da yamma har kwana uku, kuma ki sa abokiyar taki ta riƙa tare ki da tambayar ba zato. Haka muke yi wa yaron da ya saba ɗauko ƙarshen wata aya ya ɗora a kan wata.

Baban Ilham:
Na yi murna da jin haka. Amma Malam, ita darasi ɗaya take fama da shi a kwana goma sha biyu. Idan jarrabawar ƙarshen zango ta zo, darussa takwas ko tara a mako biyu, ina za ta sami lokacin zana kowanne sau huɗu? A nan ina ganin dole ta koma ga karatun da na faɗa tun farko.

Malam Mai Alli:
Idan ta bari sai mako biyu kafin jarrabawa, to kusan dole ne, kuma zai iya fitar da ita a takardar, kamar yadda alƙaluman minti biyar ɗin nan suka nuna. Damuwata ita ce wannan yarinya za ta tsaya a kan marar lafiya nan da shekara uku, kuma darasin magungunan zuciya da za a koya mata baɗi a kan wannan zagayen za a gina shi. Mafita ita ce minti goma na farar takarda a yammacin ranar da aka yi kowane darasi, tun daga makon farko na zango, da waiwaye ɗaya a ƙarshen mako. Ko hakan zai ishi darussa tara tare da aikin asibiti da ake tura su, ita ce za ta gaya mana. Ƙanwata, darussa nawa kuke yi a rana, kuma ƙarfe nawa kuke tashi?

Ɗalibar Jinya:
Uku ne a yawancin ranaku, Malam, huɗu ranar Talata, kuma muna tashi ƙarfe huɗu. Daga wata mai zuwa za a fara tura mu asibiti kwana biyu a mako. Zan gwada minti goma ga kowane darasi tsakanin la'asar da magariba. Ranar Talata ce ban san yadda zan yi da ita ba, domin darasi na huɗun na lissafin awon magani ne, kuma bisa abin da Injiniya ya faɗa ina ganin shi sai na fara bin misalai tukuna.